Biyan rabin kuɗin wata duk sati biyu: yadda yake rage tsawon bashi

Yawancin ƴan kasuwar da ke cin bashin banki ko na asusun ba da rance, wata-wata suke biya. Amma akwai wata hanyar: a raba kuɗin watan biyu, a riƙa kai rabi duk sati biyu. Mai cin kasuwar mako, kamar ta Alhamis a Damagaram ko ta Lahadi a Tawa, sai ta ci kasuwa biyu ta kai biya ɗaya.

Ribar tana cikin lissafin kwanaki. Shekara wata 12 ce, amma sati 52 gare ta. Mai biya duk sati biyu za ta kai rabi sau 26, wato biyan wata 13 ke nan a maimakon 12. Wannan ƙarin yana tafiya kan uwar kuɗi, kuma in uwar kuɗi ta ragu, ruwan da ke hawa kanta ma raguwa yake yi.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa da ta karɓi miliyan ɗaya na sefa, a kan ruwa 18 cikin ɗari a shekara, za ta biya cikin shekara uku. Biyanta na wata jika 36 ne da ƴan kai, ruwan da za ta zuba gaba ɗaya kuwa wajen jika 301. In ta koma kai jika 18 da ƴan kai duk sati biyu, a biya na 70 za ta gama, wato sati 140 a maimakon 156. Ta fita bashi kusan wata huɗu kafin wa'adi, ruwan kuma ya sauko zuwa wajen jika 265. Jika 36 sun zauna cikin jarinta.

Sai dai a kula. Biya ran 1 da ran 15 ga wata sau 24 ne kawai a shekara, babu biyan wata na 13 a ciki. Kuma mai bin sati biyu ta sani, sau biyu a shekara biya uku zai faɗo mata cikin wata guda, sai ta yi masa tanadi.

Babban abin dubawa shi ne yadda ake lissafin ruwan. In an yanke shi tun ranar farko a kan dukan kuɗin, ko kin gama da wuri ba a rage miki komi, kin dai raba kanki da kuɗin saro kaya. Haka nan in ma'aikatar tana ajiye rabin farko har ƙarshen wata kafin ta cire shi daga bashin, ribar ta ragu. Wasu kuma suna cin tara ga mai biya kafin lokaci.

Don haka, Hajiya, kafin ki sa hannu, ki nemi a buga miki takardar jerin biya iri biyu, ta wata-wata da ta sati biyu. Ki duba ranar gamawa da jimlar ruwa a ƙasan kowace. In jimlar ba ta sauka ba, ki tsaya ga biyanki na wata, kuɗinki su ci gaba da juyawa a rumfa.