Layin farko na imel: Inda masu neman aiki daga Gidan Amumune ke samun shiga ko su rasa

Matashin da ke zaune a Gidan Amumune, cikin gundumar Mayayi ta jihar Maradi, ba ya iya zuwa ƙofar kowace ma'aikata da ƙafarsa. Ofisoshin ƙungiyoyin agaji da na furoje suna Maradi ko Yamai, wasu rassansu kuma a Tasawa da Mayayi. Kuɗin mota zuwa da dawowa kan fi ƙarfin wanda ba ya da albashi, shi ya sa wasu ke komawa ga salula, su aika saƙon imel ga jami'in ɗaukar ma'aikata da bai san su ba, bai kuma nemi su rubuto ba.

Wannan shi ne abin da ake kira candidature spontanée a harshen Faransanci, wato neman aiki ba tare da an yi sanarwa ba. Makomar irin wannan saƙo kan rataya ne a kan jimla ɗaya, wadda jami'in zai gani tun kafin ya buɗe shi.

Gasar kuma ta ƙara tsanani. A farkon shekarar 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da hukumar USAID ke bayarwa a duniya, yayin da hukumomin Nijar suka janye wa wasu ƙungiyoyi izinin aiki, ciki har da ACTED a watan Nuwamban 2024. Duk inda aka rufe furoje, ma'aikata masu gogewa kan dawo layin neman aiki tare da sababbin da suka fito daga makarantu irin su Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi.

Abin da jami'in ke gani a allon waya

Idan saƙo ya shigo manhajar Gmail a salula, abu uku ne ke fitowa a jere: sunan mai aikowa, taken saƙon da ake rubutawa a gurbin Objet, sai guntun layin farko na abin da aka rubuta. Layin kan yanke bayan 'yan kalmomi, gwargwadon faɗin wayar. Da waɗannan ne mutumin da ke da tarin saƙonni yake zaɓar wanda zai buɗe yanzu da wanda zai bari sai an jima.

A nan ne salon da aka koya a makaranta ke cutar da mai neman aiki. Takardar neman aiki ta hannu a Nijar ta saba farawa da doguwar jimlar girmamawa:

```
J'ai l'honneur de venir très respectueusement auprès de votre haute bienveillance solliciter un emploi
```

A kan takarda mai tambari da za a kai ofishin gwamnati, jimlar tana wurinta. A allon waya kuwa, takan yanke kafin a iso kalmar "aiki". Jami'in ya karanta kalmomi kusan goma bai san ko mai rubutun malamin jinya ne ko direba ba, kuma saƙonni da dama a ƙasa da sama sun fara da wannan jimlar.

Haka abin yake idan Hausa aka yi amfani da ita. Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma doguwar gaisuwar da ta dace a zaure, ta tambayar iyali da gajiya da sanyi, tana cinye gurbin nan kamar yadda jimlar Faransancin ke yi. Gaisuwa ta kalma biyu ko uku ta wadatar, sauran ladabi ya zo a ƙarshen saƙo.

Hanyoyi uku na buɗe saƙo

Hanya ta farko ita ce farawa da aikin da mutum ya taɓa yi, haɗe da wurin da ya yi shi. Ga ɗan Gidan Amumune, wurin zama shi kansa jari ne. Ƙungiyar da ke aiki a karkara tana bukatar wanda ya san ƙauyuka da hanyoyin rairayi, yana jin Hausar yankin, kuma ba zai nemi a mayar da shi birni bayan wata biyu ba. Wanda ya ɓoye garinsu don kada a ce ɗan ƙauye ne ya zubar da abin da ya bambanta shi da ɗan Yamai.

Hanya ta biyu ita ce farawa da sunan wanda ya haɗa su, misali tsohon shugaban tawaga ko manjon asibitin da mutum ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Tana da ƙarfi saboda jami'in na iya ɗaga waya ya tabbatar. Sharaɗinta shi ne a nemi izinin mai sunan tukuna, kuma ya kasance ya ga aikin mutum da idonsa. Sunan babban mutum da ba shi da alaƙa da aikin yakan yi kama da neman alfarma, abin da ƙa'idojin ƙungiyoyi da yawa suka hana.

Hanya ta uku ita ce farawa da abin da ma'aikatar ke shirin yi. Ayyukan yankin suna bin kalanda. Rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 yana zuwa ne da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Matsalar tamowa kan tsananta a watannin da rumbuna suka yi ƙasa kafin sabuwar kaka. Saƙon da ya isa a watan Afrilu ko Mayu yana ambaton aikin da ke tafe ya tarar da jami'in yana tunanin mutanen da zai ɗauka.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata matashiya ce a Gidan Amumune, mai takardar bakaloriya, wadda ta yi aikin tattara bayanai gida-gida sau biyu da manhajar KoboCollect, ta kuma iya auna damtsen yaro da zaren awon tamowa. Tana son rubuta wa jami'ar ɗaukar ma'aikata ta wata ƙungiya mai ofis a Maradi.

Rubutunta na farko ya fara da cewa ita marainiya ce, ta shekara biyu ba aiki, tana roƙon a taimaka mata da kowane irin aiki. Duk gaskiya ne, amma jimlar ta ɗora wa jami'ar nauyin nemo inda za ta saka ta. Jami'ar kuwa gurabe take cikewa, kowane da sunansa da sharuɗɗansa, kuma babu gurbi mai suna "kowane irin aiki".

Rubutu na biyu ya ce ita mai ƙwazo ce, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a. Babu abin da za a iya tabbatarwa a ciki, kuma kowa na iya faɗin haka game da kansa.

A rubutu na uku, sai ta tsara taken kamar haka:

```
Enquêtrice Kobo, haoussa-français, basée à Guidan Amoumoune (Mayahi)
```

Layin farko kuma, bayan gajeriyar gaisuwa, ma'anarsa ita ce: "Na yi aikin tattara bayanai sau biyu da KoboCollect a ƙauyuka 14 na gundumar Mayayi, kuma a nan Gidan Amumune nake zaune." Jimla ta biyu ta ce ta iya awon damtse, ta san cewa ƙasa da milimita 115 alama ce ta tamowa mai tsanani, tsakanin 115 da 125 kuma matsakaiciya. Ta uku ta yi tambaya ɗaya: shin ƙungiyar na da jerin sunayen masu tattara bayanai da take kira idan aiki ya taso, kuma ta yaya ake shiga?

Bambancin a fili yake. Kalmomin da za su fito a allo sun faɗi sana'a da kayan aiki. Adadin ƙauyukan abu ne da za a iya tambayar tsohon shugabanta. Tambayar ƙarshe kuma ana iya amsa ta da layi ɗaya, saɓanin roƙon a ba ta aiki, wanda jami'ar ba ta da ikon amsawa ita kaɗai. An lura kuma ba ta maimaita taken a layin farko ba, domin gurabe biyu ne, kowane ya ɗauki nasa bayani.

Da a ce tsohon shugaban tawagarta ya san jami'ar kuma ya amince, sai sunansa ya koma farkon jimlar, aikin da ta yi ya biyo baya. Wanda bai taɓa aikin albashi ba yana iya farawa da horon da ya yi a asibitin garinsu ko aikin sa-kai lokacin rigakafi, muddin ya faɗi wuri da tsawon lokaci.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskure mafi tsada shi ne ƙara gishiri. Wanda ya rubuta ƙauyuka 40 alhali 14 ya zaga zai iya samun a buɗe saƙonsa, amma ma'aikatan ƙungiyoyi a Maradi, Tasawa da Mayayi sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa a gano.

Sai aika saƙo ɗaya ga adireshi da yawa a lokaci guda. Jami'in na ganin sauran sunayen, ya gane ba shi aka nufa ba, kuma irin wannan saƙo na iya faɗawa akwatin Spam. Akwai kuma kiran mace da Monsieur, da barin jikin saƙon fayau sai takardar CV kawai a maƙale, da adireshin imel mai laƙabin wasa a maimakon cikakken suna.

Hanyar gwaji ba ta da wuya. Mai neman aiki ya fara aika wa kansa saƙon, ya duba shi a jerin saƙonni ba tare da ya buɗe ba. Idan daga abin da ya fito ba a gane aikin da yake nema da inda yake ba, sai ya sake tsari. Idan kuma za a iya sauya sunan ƙungiyar da na wata ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ba, saƙon bai riga ya zama na wanda aka rubuta wa ba.

Iyakar abin da layin farko zai iya yi

Kyakkyawar jimla ba ta maye gurbin ƙa'ida. Idan an fitar da sanarwar ɗaukar aiki da ta ce a kai takardu cikin ambulan a rufe, ko a cike fom a shafin ƙungiya, ko a haɗa da katin hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, wadda ke da ofis a Maradi, to wannan hanyar za a bi. Saƙon kai tsaye ya fi amfani ga ayyukan wucin gadi da kuma shiga jerin waɗanda ake kira.

Shiru ma ba kullum yake nufin jimlar ta gaza ba, domin mai yiwuwa babu gurbi ko kuɗin furojen bai sauka ba. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma ana iya aika tunatarwa ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, wadda ita ma za ta fara da sabon bayani, kamar ranar da mutum zai iya soma aiki. Amsar da ta zo tana neman a tura kuɗin buɗe dosiye kafin a ba da aiki kuwa alamar damfara ce, domin ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa karɓar kuɗi daga mai neman aiki.