Rumbun misalan ƙididdiga: kowane mataki da sunan abin da yake gwadawa

Idan ɗalibi ya faɗi tambayar ƙididdiga, jan biron malami ba ya nuna masa a ina ya zame. Tambaya ɗaya takan ƙunshi fahimta huɗu ko biyar, alhali wataƙila guda ɗaya ce ta kuɓuce wa yaron. Shi ya sa wasu malaman lissafi suke tara misalan da aka warware daki-daki, a gefen kowane mataki kuma su rubuta abin da matakin yake gwadawa.

Dabarar tana da tushe a bincike. A 1985 John Sweller da Graham Cooper sun nuna cewa sabon ɗalibin aljabara ya fi ƙaruwa da nazarin warwararrun misalai a kan a tura masa tambayoyi tsagwaronsu. A shekarun 1990 kuma Richard Catrambone ya gano cewa idan aka sa wa matakan suna mai ma'ana, ɗalibai sun fi iya warware tambayar da ta canza kama.

Ga yadda kati ɗaya zai kasance. Wata mai kiwon kaji ta kwashi ƙwai 4, 6, 7, 8 da 10 a kwana biyar. Ana son ma'aunin warwatsuwa, wato yadda ƙwan kowace rana yake nisa da matsakaici. A matakin farko an tara an sami 35, an raba da 5 an sami 7. Sunan matakin: matsakaici shi ne rabon daidai-wa-daida. Na biyu, a cire 7 daga kowace lamba, a sami −3, −1, 0, 1, 3, kuma abin da ake gwadawa shi ne tazara daga matsakaici. Na uku, a ninka kowace tazara da kanta: 9, 1, 0, 1, 9, jimilla 20. Wannan yana gwada ko ɗalibi ya san me ya sa ake kawar da alamar ragi. Sai a raba 20 da 5 a sami 4, sannan √4 = 2, matakin da ke mayar da amsa ga ma'aunin asali, wato ƙwai.

A lura ba a rubuta "a raba da 5" a matsayin suna ba. Wannan aikin hannu ne, yaro yana ganinsa da idonsa. Sunan da ke da amfani shi ne wanda ya faɗi dalili, domin gobe idan kwanakin suka zama takwas, dalilin ne zai bi shi zauren jarrabawa. Ni a ganina nan ne yawancin wahalar aikin take.

Amfanin sunayen yana fitowa wajen duba amsa. Wanda ya kawo 0 ya tara tazarar ba tare da ninkawa ba, don tazara daga matsakaici kullum sifili take bayarwa idan an haɗa ta, ke nan mataki na uku ne ciwonsa. Wanda ya kawo 4 ya tsaya kafin matakin ƙarshe. Mai 1.6 ya share alamar ragi ya raba 8 da 5, ya auna wani abu daban. Mai 2.24 kuwa da 4 ya raba, kuma hakan daidai ne idan kwana biyar ɗin samfuri ne da ake son kimanta duk shekara da shi, don haka dole katin ya faɗi wanne ake nufi.

Sai dai misalin nan yana da aibi, irin wanda mai tara rumbu ya kamata ya riƙa farauta. Lambar tsakiya 7 ce, matsakaici ma 7 ne. Yaron da ya ɗauki ta tsakiya kawai zai ci matakin farko ba tare da ya fahimce shi ba. A sauya lambobin zuwa 4, 5, 6, 9, 11: matsakaici yana nan 7, ta tsakiya ta koma 6, amsa ta zama kusan 2.6, kuskuren kuma ba shi da wurin ɓuya.

Sauran aikin tsari ne. A tsayar da jerin sunaye guda, kada wannan malami ya rubuta "tazara" wancan ya rubuta "bambanci" a kan abu ɗaya, in ba haka ba nema zai gagara. A jera katunan bisa sunayen, ko a littafi ko a kwamfuta, sai a ƙirga. Nan take za a ga cewa misalan matsakaici sun yi yawa, na teburin da aka kasa lambobi rukuni-rukuni, wanda yakan fito a jarrabawar WAEC da NECO, ba su taka kara sun karya ba. Kowane kati kuma a yi masa kwafi na biyu da aka goge matakin ƙarshe aka bar sunansa, da na uku da aka goge biyu, har ɗalibi ya kai ga warware tambayar shi kaɗai.