Yadda zomaye suka sami harshe da 'yan kalmomi kaɗan

A shekarar 1972 wani ma'aikacin gwamnatin Birtaniya mai suna Richard Adams ya fitar da littafinsa na farko, Watership Down. Labari ne na wasu zomaye da suka gudu daga raminsu kafin a rushe shi, suka yi ƙaura zuwa wani tudu a gundumar Hampshire ta ƙasar Ingila. Asalinsa tatsuniya ce da Adams yake yi wa 'ya'yansa mata biyu a cikin mota idan tafiya ta yi nisa. Wanda ya karanta littafin yakan rufe shi yana jin cewa zomayen nan suna da harshensu na gado, wanda aka sa wa suna Lapine. Amma in aka tattara kalmomin harshen duka, ba za su cika shafi uku ba. Ba a tsara masa nahawu ba, kuma ba wanda zai iya tambayar hanya ko cinikin gishiri da shi.

Dabarar Adams tana cikin zaɓen abin da ya raɗa wa suna. Bai ƙirƙiro kalmar ƙafa ko ruwa ko kunne ba, domin Turanci ya wadatar a nan. Ya ajiye ƙarfinsa ga abubuwan da zomo kaɗai ya damu da su. Fitowa daga rami zuwa sarari don kiwo ita ce silflay. Dila da mujiya da kyanwa da duk wani mai cin naman zomo an tara su a suna ɗaya, elil. Akwai kuma tharn, wato halin da zomo ke shiga idan tsoro ya daskarar da shi, ya tsaya cak ido a buɗe har abin da zai kashe shi ya iso. Kowace irin mota, ta hawa ko ta noma, hrududu ce, sunan da aka ɗauko daga ƙugin inji kamar yadda kunnen zomo zai ji shi. Waɗannan kalmomi huɗu sun isa su gaya wa mai karatu cewa yana tare da al'ummar da kullum ake farautarta, wadda cin abinci ma a wurinta sayar da rai ne.

Kalmar da ta fi kowace aiki ita ce hrair. Zomayen Adams ba sa iya ƙirga fiye da huɗu, saboda haka duk abin da ya wuce huɗu hrair ne, ko biyar ne ko dubu. Daga nan Adams ya yi ta gini. Ƙaramin zomon da ya hango halakar raminsu sunansa Hrairoo, domin ya zo a ƙarshen haihuwar da ta wuce huɗu. Ana liƙa rah a ƙarshen suna don nuna sarauta, shi ya sa lokacin da zomayen suka fara kiran jagoransu Hazel-rah, mai karatu ya gane an naɗa shi ba tare da wani biki ba. Sai gwarzon tatsuniyoyinsu, El-ahrairah, wanda sunansa haɗin guda uku ne da aka riga aka sani, elil da hrair da rah, wato sarki mai maƙiya dubu. A nan ne kwaikwayon ya fi kama da harshe na gaskiya, domin harsunan mutane ma haka suke haɗa tsofaffin guntaye su haifi sabo. Ko jam'i yana da alama ɗaya da ke dawowa: mota ɗaya hrududu, da yawa hrududil, dila ɗaya homba, da yawa hombil. Ƙa'ida guda ce tak, amma ta sa mutum ya zaci akwai wasu ɗari a ɓoye.

Sauran nauyin salon magana ne ya ɗauke shi, kuma da Turanci aka rubuta yawancinsa. Zomayen ba su san agogo ba, sai su yi alkawari da tsakar rana ko da fitowar wata. Rana ita ce ubangijinsu, Frith, da ita suke rantsuwa idan abu ya ba su mamaki. Mai sauraron tatsuniyar Hausa ya san irin wannan aiki: mai ba da labari ba ya ƙirƙiro wa Gizo harshe, tsamin baki kawai yake sa masa, nan take yara su san wa ke magana.

Hanyar shigar da kalmomin ma da lissafi. Adams yakan kawo kalma karo na farko da bayani, wani lokaci a ƙasan shafi, sannan ya maimaita ta a wurin da ma'anarta ta fito fili, daga baya ya sake ta ita kaɗai. Sakamakon yana bayyana kusa da ƙarshen littafin, inda jarumi Bigwig ya tare rami yana fuskantar azzalumin shugaba Janar Woundwort. An nemi ya miƙa wuya, sai ya mayar da zagi da harshen zomaye zalla, ya haɗa kalmar kiwo da ta kashi, ya ƙara da ta wari da ta sarauta. Adams bai fassara ba. Bai kuwa bukaci fassarawa ba, domin kowace kalma a ciki an daɗe da koya wa mai karatu ita ba tare da ya lura ana koya masa ba. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace a gwada kowane irin aiki makamancinsa: shin a babin ƙarshe za a iya cire fassarar, a kuma fahimta?

Inda marubuta suka fi tuntuɓe shi ne raɗa baƙon suna ga abin da ba baƙo ba. In dabba tana da kamannin doki, tana aikin doki, sabon suna ba ya ƙara mata komai sai wahalar da mai karatu. Haka kuma in kalmomin ba su yi kama da juna a kunne ba, wannan mai taushi, waccan cike da baƙaƙe masu karo da juna, za a ji cewa ba daga baki ɗaya suka fito ba. Kalmomin Adams da yawa suna farawa da hr ko th, suna yawan amfani da l, shi ya sa suka zama 'yan gida ɗaya. Kalmar da aka kawo sau ɗaya aka manta da ita kuwa asara ce.

Dabarar tana da iyaka, kuma George R. R. Martin ya ci karo da ita. A littafinsa A Game of Thrones na 1996 ya ba mahayan Dothraki 'yan kalmomi masu tushe ɗaya, khal ga shugaba, khaleesi ga matarsa, khalasar ga rundunarsa, ya kuma sa suna ɗaukar teku a matsayin ruwan guba tunda doki ba ya shan sa. A takarda wannan ya wadatar, domin marubuci yana iya cewa an yi magana da Dothraki ya rubuta ta da Turanci. Ɗan wasa a gaban kyamara kuwa dole ya buɗe baki ya faɗi cikakkiyar jimla. Saboda haka a 2009 masu shirya wasan na tashar HBO suka ɗauki masanin harshe David J. Peterson, wanda ya tattara kalmomi da sunayen da Martin ya warwatsa, ya fitar da tsarin sauti daga cikinsu, ya gina nahawu da ƙamus mai dubban kalmomi a kai, da sharaɗin kada sabon ginin ya saɓa wa abin da ke cikin littattafan. Wasan ya fara fita a 2011.