Yadda ake karanta sanarwar naɗin sabon koci: misalin Ruben Amorim a Manchester United

Ranar Juma'a, 1 ga Nuwamban 2024, Manchester United ta fitar da sanarwar naɗa Ruben Amorim, ɗan ƙasar Portugal, kwana huɗu bayan ta sallami Erik ten Hag. Sanarwar gajeriya ce, mutum zai karance ta kafin shayinsa ya huce. Yawancinmu a gidan kallon ƙwallo sunan kawai muke dubawa mu shiga gardama, alhali kusan kowace jimla a irin wannan takarda ta bi ta hannun lauyoyi kafin ta fito.

Abin farko da ya kamata a lura da shi shi ne muƙamin. United ta kira Amorim babban koci, ba manaja ba, sunan da aka san Alex Ferguson da waɗanda suka biyo bayansa da shi. A al'adar Ingila, manaja yana da ta cewa sosai a kan ɗan wasan da za a sayo da wanda za a sayar. Babban koci kuwa aikinsa atisaye da zaɓen 'yan wasa da tsara dabarun wasa, cinikin 'yan wasa yana hannun daraktan wasanni da shugabannin kulob. Wato tun daga layin farko an shata masa iyakar gonarsa. A ganina wannan kalma ta fi komai nauyi a takardar, kuma lokaci ya nuna hakan. A Janairun 2026, bayan kunnen doki da Leeds, Amorim ya gaya wa 'yan jarida cewa shi manaja ya zo ya zama, ba koci kawai ba. Washegari aka sallame shi.

Sai maganar kwantiragi. Sanarwar ta ce yarjejeniyar za ta kai watan Yunin 2027, kuma kulob yana da zaɓin ƙara shekara ɗaya. A nan mutane da dama suke kuskure, su haɗa lissafi su ce ai har 2028 ne. Zaɓin na kulob ne shi kaɗai: in ya ga dama ya tsawaita, in bai ga dama ba su rabu ba tare da biyan komai kan wannan shekarar ba. Ranar ƙarewar kuma ba alkawari ba ce cewa koci zai kai lokacin. Amfaninta shi ne da ita ake lissafin diyyar da za a biya shi idan an kore shi da wuri.

Akwai kuma ranar kama aiki, Litinin 11 ga Nuwamba, da sharaɗin samun izinin aiki a Birtaniya. Tun bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, Baturen Portugal ma sai ya nemi wannan izini. Sanarwar ta bayyana cewa Ruud van Nistelrooy zai ci gaba da riƙon ƙungiyar kafin nan, don kada a bar 'yan wasa da magoya baya cikin duhu.

Kuɗi fa? Sanarwar ba ta ce uffan ba, kuma haka aka saba, ba a faɗin albashi. Abin da aka sani daga Portugal ya fito. Da yake ana cinikin hannun jarin Sporting a kasuwa, dole ta sanar da hukumar CMVM mai sa ido kan kasuwar, inda ta ce United ta shirya biyan Yuro miliyan 10 da kwantiragin kocin ya gindaya a matsayin kuɗin sakinsa. Daga baya an ƙara miliyan ɗaya don a rage masa wa'adin da zai jira.

Kalaman da ake liƙawa a irin wannan sanarwa su ne jaridu suka fi ɗauka, ni kuwa su nake bari a ƙarshe. Lokacin da Chelsea ta naɗa Enzo Maresca ranar 3 ga Yunin 2024, kan shekara biyar da zaɓin ƙarin ɗaya, an ruwaito shi yana cewa zuwa kulob irin Chelsea burin kowane koci ne. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai irin waɗannan kalamai ofishin yaɗa labarai ne kan tsara su, koci ya amince, don haka da wuya a ji sabon abu a cikinsu. Abin dubawa shi ne wa ya yi magana a madadin kulob. A ta Chelsea, ban da masu kulob, an sa kalaman daraktocin wasanni biyu, Laurence Stewart da Paul Winstanley, wanda ya nuna su waye suka jagoranci zaɓen, kuma a gaban su waye sabon kocin zai riƙa ba da bahasi.