Me Ya Sa Wasan Ke Cijewa a Waya? Yadda Ake Rage Kiran Zane a Unity

Duk wanda ya taɓa gina wasa a manhajar Unity ya san wannan baƙin cikin. A kwamfuta komai na tafiya sumul, amma da zarar an ɗora wasan a wayar Android mai sauƙin kuɗi, irin wadda ke hannun yawancin mutanenmu, sai hoto ya riƙa cijewa, bayan wayar ya ɗau zafi. Zargin farko yakan faɗa kan kyawun hotuna, a ce sun yi wa wayar nauyi. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa abin da ya yi yawa shi ne aike, ba zane ba.

Ma'aikata biyu ne ke fitar da hoton da muke gani. Akwai CPU, wanda ke tsara abin da za a zana, da GPU, wanda ke zanawa. GPU gwani ne, yana zana dubban siffofi cikin ƙiftawar ido, amma ba ya taɓa komai sai an aiko masa da umarni: ga ƙwarangwal ɗin abu kaza, ga kayan da za ka lulluɓe shi da su, zana shi a wuri kaza. Kowane irin wannan umarni shi ne kiran zane. Wasan da ke nuna hotuna 60 a daƙiƙa yana da kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa kacal ya kammala kowane hoto. Idan CPU ya cinye lokacin wajen shirya aike, GPU zai zauna jira, mai wasa kuma ya ga cijewa.

Kuma ba duk kira ne tsadarsa ɗaya ba. Ku dubi telan da ke aikin surfani. Idan riguna goma duk da farin zare za a yi musu aiki, sai ya bi su a jere. Amma idan kowace riga da launinta, dole ya tsaya ya zare wannan, ya zura wancan, kuma nan ne lokaci ke tafiya. A Unity, abin da ke matsayin zaren shi ne `Material`, wato haɗin hoton lulluɓi da launi da ƙa'idar yadda haske zai sauka a jikin abu. Duk sauyin `Material` sauyin zare ne. In ka buɗe akwatin `Stats` a tagar `Game`, za ka ga `Batches`, yawan ƙullin aiken da aka tura, da `SetPass calls`, wanda ke nuna sau nawa aka tsaya aka sake shiri.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani matashi yana gina wasan da ke faruwa a kasuwar ƙauye. Akwai rumfuna 60, kowace da `Material` huɗu: kwanon rufi, katako, tabarma da buhu. Unity na zana kowane sashe mai `Material` daban da kira daban, saboda haka rumfuna kaɗai sun ci kira 240. Ya kuma dasa itatuwan darbejiya 400, duk kwafin itace ɗaya, kira 400 ke nan. Jimilla 640 idan duk suna gaban kyamara. Da ya kunna inuwar rana, sai a sake zana duk abin da ke jefa inuwa, lissafin ya tasam ma 1,280 ko ya wuce. Ba a ma sa mutum ko akuya ɗaya ba tukuna.

Gyaran rumfuna daga hotunan lulluɓi yake farawa, domin Unity ba ta ƙulla abubuwa wuri ɗaya sai `Material` ɗinsu ya zama ɗaya. Dabarar ita ce atalas: a jera ƙananan hotuna a kan babban hoto guda, kamar yadda ake jera hotunan fasfo a takarda ɗaya kafin a yanka. Hoto mai faɗi da tsawo 2048 yana ɗaukar ƙananan hotuna 16 masu 512. Sai a koma manhajar da aka sassaƙa rumfar, kamar Blender, a gyara taswirar `UV`, wadda ke gaya wa kowane sashe na ƙwarangwal wane yanki na hoton ne nasa, a kuma mai da sassan huɗu ƙarƙashin `Material` guda. Kira 240 ya koma 60 tun ba a taɓa wani saiti ba.

Atalas yana da sharuɗɗansa. Idan aka manna hotunan gab da gab, za ka ga wani siririn layi mai baƙon launi a gefen rufin kwano in kyamara ta yi nisa. Dalili kuwa, don abubuwan nesa ana amfani da ƙananan kwafin hoton da aka tsuke, kuma a wajen tsukewar launin maƙwabci yakan malalo. Maganinsa a bar rata tsakanin hotuna, a cike ratar da launin gefen kowane hoto. Sannan hoton da ake maimaitawa, kamar na ƙasar filin kasuwa da ake shimfiɗawa sau ɗari, ba ya zama a atalas cikin sauƙi, don in ya zo maimaita kansa sai ya faɗa gonar maƙwabci. Irin wannan a bar shi shi kaɗai.

Yanzu rumfuna 60 sun zama masu zare ɗaya, kuma ba sa motsi. Nan ne `Static Batching` ke shigowa. A tabbatar an kunna shi a `Player Settings`, sannan a zaɓi rumfunan a sa musu alamar `Batching Static` daga jerin da ke gefen akwatin `Static`. Lokacin gina wasan, Unity za ta kwashe ƙwarangwal ɗinsu, kowanne a mazauninsa na dindindin, ta zuba su a babban ma'aji ɗaya. A yawancin na'urori ƙulli guda yana ɗaukar ɗigogi har 64,000. Idan kowace rumfa tana da ɗigo 800, jimilla 48,000, duk sun shiga ƙulli ɗaya. Abin da ya fi burge ni a wannan hanya shi ne, duk da haɗewar, Unity na ci gaba da tsallake rumfar da ke bayan kyamara. Wanda ya narkar da kasuwar gaba ɗaya ta zama ƙwarangwal guda da hannunsa ya rasa wannan, domin da zarar kusurwa ɗaya ta shigo ido sai a zana duka. Sharaɗin dai ɗaya ne: abin da ka kira tsayayye ya tsaya. Ƙofar da za a buɗe ko kwandon da ɗan wasa zai ɗauka ba sa cikin wannan.

To, a nan mutane da yawa ke yin kuskuren da ya sa na zauna rubuta wannan. Mutum ya ga `Batches` ya sauka, daɗi ya kama shi, sai ya zaɓi komai da ke filin ya sa masa `Static`, har da itatuwa. Ai su ma ba sa tafiya. Amma mu yi lissafi. Itacen darbejiyar nan yana da ɗigo 2,000, kuma a ce kowane ɗigo na cin bayit 32. Kwafi ɗaya kilobayit 64 ne. `Static Batching` kuwa yana ajiye cikakken kwafi ga kowane itace, domin kowanne mazauninsa daban. Itace 400 sun zama ɗigo 800,000, sama da megabayit 25, kuma sai an raba su aƙalla ƙulli 13. An sayi sauri da ƙwaƙwalwar waya, alhali ita ce ta fi ƙaranci a ƙananan wayoyi. Takardun Unity da kansu sun yi gargaɗi kan yi wa daji mai yawan itatuwa haka.

Abin da ya dace da itatuwa shi ne a yi musu aikin hatimi. A ba GPU ƙwarangwal ɗaya da `Material` ɗaya, a haɗa masa da jerin wuraren da zai buga, kowanne da girmansa da inda ya fuskanta. Ana kunna wannan da akwatin `Enable GPU Instancing` a jikin `Material`, kuma Unity ta kawo shi tun fitowar 5.4 a shekarar 2016. Itace 400 sai su tafi a kira ɗaya ko 'yan kaɗan, ƙwarangwal ɗin kuma yana nan a kilobayit 64 ɗinsa. Sai dai a kula: idan abu yana da alamar `Batching Static` kuma an kunna masa hatimi, Unity tana fifita ta farko, hatimin ba zai yi aiki ba. Dole a cire wa itatuwan waccan alamar. Haka nan mutane da dabbobin da ke motsa gaɓoɓi ta `Skinned Mesh Renderer` ba sa shiga wannan tsari.

Akwai kuma layi ɗaya da ke rushe duk wannan aiki a ɓoye. Matashin namu yana son wasu itatuwan su yi ɗan ja-ja kamar na rani, sai ya rubuta:

```csharp
GetComponent<Renderer>().material.color = launi;
```

Da zarar an taɓa `.material`, Unity na yi wa wannan itace sabon kwafin `Material` nasa na kansa. Itace 400, zare 400, an koma gidan jiya. Idan launi ɗaya ake so ga duka, `.sharedMaterial` ake taɓawa. Idan kuwa kowanne da nasa, sai a bi ta `MaterialPropertyBlock`, kuma dole `Shader` ɗin ya kasance an rubuta shi ya karɓi launi daban ga kowane bugun hatimi, in ba haka ba ƙullin zai sake watsewa.

Ba sai an yi ta canki-canki ba kafin a gano inda ƙulli ya watse. A buɗe `Window > Analysis > Frame Debugger`, a danna `Enable`. Hoton zai tsaya cak, a ga jerin kira ɗaya bayan ɗaya, kuma a jikin kira za a ga dalilin da ya hana shi haɗuwa da na gabansa, misali bambancin `Material`. Masu aiki da `URP` kuma su san cewa a can akwai `SRP Batcher`, wanda ke shan gaban hatimi. Shi ba ya rage yawan kira, yana rage tsadar shirin da ke tsakaninsu ne. Saboda haka kada ganin `Batches` da yawa ya tayar da hankali idan `SetPass calls` ya sauka.

A kasuwar tamu, kira 640 ya koma 'yan ƙulli da za a ƙirga da yatsu, kafin a sa inuwa. Amma wannan duka taimakon CPU ne. Ɗigogi 800,000 na itatuwa suna nan, GPU zai zana su. Idan dama shi ne ya gaji, rage kira ba zai ƙara sauri ba, sai an rage ɗigogin itatuwan nesa ko nisan inuwa. Don haka kafin ka taɓa ko akwati ɗaya, gina wasan da `Development Build`, ka jona ainihin wayar da kake son mutane su yi wasan da ita, ka buɗe `Profiler` ka ga wanne cikin ma'aikatan biyu ke jiran ɗan'uwansa. In CPU ne ya makara, rumfuna ka yi musu atalas ka tsayar da su, itatuwa kuma ka bar su ga hatimi.