Zullumin Yammacin Lahadi: Daga Ina Yake Tasowa, Kuma Yaya Ake Rage Shi?

Zullumin yammacin Lahadi fargaba ce da ke sauko wa ma'aikaci sa'o'i kaɗan kafin hutun ƙarshen mako ya ƙare. Galibi tana farawa bayan la'asar, ta yi ƙarfi tsakanin magariba da lokacin kwanciya. Gaba ya riƙa faɗuwa, ciki ya ɗaure, abinci ya fita a rai, mutum ya zama mai saurin fushi da iyalinsa ba tare da sun yi masa komai ba. Ranar ba ta da laifi. A Sudan, inda makon aiki ke farawa ranar Lahadi, abin yakan faɗo a yammacin Asabar. Abin da ke tayar da shi shi ne kusantowar lokacin komawa wurin da mutum ke tsoro.

Kowane ma'aikaci yakan ji 'yar kasala idan hutu ya zo ƙarshe, kuma wannan ba ciwo ba ne. Zullumin wanda ke aiki a gurɓataccen wuri daban yake. Gurɓataccen wurin aiki shi ne inda cin mutunci ya zama al'ada: oga mai disga na ƙasa da shi a gaban jama'a, takardar tuhuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba, gulma da ƙulle-ƙulle, barazanar kora, umarnin da ke sauyawa tsakanin safe da yamma sannan a ɗora wa ma'aikaci laifin sauyin. Tun a 1979 masanin zamantakewa Robert Karasek ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba shi ne ya fi gallabar mutum ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne a haɗa wa mutum nauyi mai yawa da rashin iko a kan yadda zai sauke shi.

Tushen zullumin shi ne rashin tabbas. A 2016 wasu masu bincike a University College London sun sa mutane 45 wani wasa a kwamfuta, inda suke ɗaga duwatsu, idan maciji ya fito a ƙarƙashi sai a ɗan ja su da lantarki a hannu. An auna zufarsu da buɗewar ƙwayar idonsu. Abin da aka gano shi ne hankalinsu ya fi tashi a lokacin da yiwuwar jan lantarkin take rabi da rabi, fiye da lokacin da suka san tabbas za a ja su. Haka lamarin yake a ofis. Ogan da kullum a murtuke yake, an san yadda za a bi da shi. Wanda yau zai yi raha da kai gobe ya tozarta ka, shi ne ke hana barci, domin ƙwaƙwalwa ba ta da abin da za ta shirya wa, sai ta yi ta shirya wa kome da kome. A tsakiyar mako aikin da ke gaban mutum yana ɗauke masa hankali. Ranar Lahadi da yamma hidimomin biki da ziyara sun ƙare, gida ya yi shiru, ga Litinin ta matso amma ba ta iso ba, don haka babu abin da za a iya taɓawa sai tunani. Jiki kuwa ba ya bambancewa tsakanin tsawar da ake yi masa da wadda yake hasashe. Zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya gajarce, ciki ya rage narkar da abinci, kamar dai an riga an shiga ɗakin taron.

Daga nan ake gane abin da ya kamata a yi: a mayar da fargabar da ba ta da kai ba ta da gindi zuwa abubuwa ƙidayayyu masu suna. Hanyar da aka fi sani ita ce wadda Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka bayyana a 1983, wato a keɓe wa damuwa lokacinta. Mutum ya zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kamar minti 20 zuwa 30, ya zauna da biro da takarda. Sharaɗi biyu ne: kada a yi a kan gado, kuma kada a yi dab da kwanciya. Tsakanin la'asar da magariba ya fi dacewa. Idan tunanin ofis ya taso a wajen wannan lokaci, sai a rubuta shi a layi ɗaya a ajiye, a ce masa ya jira zamansa.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar sashen kuɗi a wani kamfani, wadda ogansu ke kiran taro kowace Litinin da ƙarfe 9 na safe, kuma ya saba ware mutum ɗaya ya yi masa tatas. Idan aka tambaye ta me take tsoro, cewa za ta yi "gobe". Da ta zauna da takarda, sai goben nan ta rabu gida uku. Na farko, akwai rasit biyu da ba su daidaita da lissafin makon jiya ba. Na biyu, tana tsoron oga ya zarge ta a bainar jama'a da jinkirta biyan wani ɗan kwangila, alhali shi ne bai sa hannu ba. Na uku, tana tsoron kora.

Kowane ɗaya maganinsa daban. Na farko aiki ne, yana hannunta, don haka sai ta rubuta masa lokaci da mataki: ƙarfe 8 za ta buɗe fayil ɗin, ta kira ma'ajin sito ta tambayi lambar rasit ɗin. Rubuta "zan gyara lissafi" bai wadatar ba, domin ƙwaƙwalwa ba ta sakin abu sai ta ga an ba shi takamaiman shiri. Na biyu rabinsa ne a hannunta. Ba ta da iko da bakin oga, amma tana da iko da amsarta, sai ta tanadi jimla ɗaya gajera wadda ba ta da zafi: "Ranka ya daɗe, takardar tana teburinka tun ranar Laraba, ga kwafin." Ta sa kwafin a jaka tun da dare, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Jimla ɗaya ta isa. Wanda ya zauna yana tsara muhawarar da zai kayar da oga, yana cewa idan ya ce kaza zan ce kaza, ya koma cikin saƙar zucin da yake gudu, kuma alamar hakan ita ce an yi rabin sa'a babu sabon layi a takardar. Na uku, wato kora, ba abin da daren Lahadi zai iya yi a kai. Sai ta mayar da shi wata rana, ta rubuta cewa ranar Asabar mai zuwa za ta sabunta takardun neman aikinta, ta kuma lissafa wata nawa ajiyarta za ta riƙe gidan. Daga nan ta rufe littafin da take rubutun a ciki.

Akwai shaida cewa rubuta gajeren jerin ayyuka, saɓanin zaman damuwa, yana taimakon barci ko da dab da kwanciya aka yi shi. A wani gwaji da Michael Scullin ya jagoranta a Jami'ar Baylor ta Amurka, wanda aka wallafa a 2018, an sa matasa 57 su yi rubutun minti 5 kafin kwanciya. Waɗanda suka rubuta ayyukan da ke jiran su sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da kusan minti 9, kuma gwargwadon dalla-dallar jerin, gwargwadon saurin barcin. Gwajin ƙarami ne, a kan masu ƙoshin lafiya, don haka ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma ya dace da abin da masu kula da rashin barci suka daɗe suna koyarwa.

Wani kaso na rashin barcin daren Lahadi ma ba na tsoro ba ne, na agogon jiki ne. Wanda ya raba dare a daren Juma'a da na Asabar, ya koma barci bayan asuba har hantsi, sannan ya ƙara da dogon barcin rana, ba zai ji barci da ƙarfe 10 na daren Lahadi ba ko da ogansa waliyyi ne. Yana kwance ido biyu, sai tunanin ofis ya samu fili. Gyaran shi ne kada lokacin tashi a ranakun hutu ya wuce na ranakun aiki da fiye da sa'a ɗaya, barcin rana kuma kada ya haura minti 30. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro, shayi da kofi yakan ɗauki kimanin sa'o'i 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shayin majalisa na bayan isha yana nan daram a jini har tsakar dare. Idan an kwanta kamar minti 20 barci ya ƙi zuwa, gara a tashi a zauna wani wuri mai ƙarancin haske, a yi karatu ko zikiri, sai an ji gyangyaɗi a koma. Idan gaba yana dukan uku-uku, numfashi mai jinkiri yana kwantar da shi: a shaƙa a ƙirga 4, a fitar a ƙirga 6, na tsawon minti 5.

Waya ita ce ƙofar da ofis ke shigowa gida ta cikinta. Saƙo ɗaya a rukunin WhatsApp na ma'aikata da ƙarfe 9 na dare ya isa ya rushe duk shirin da aka yi. Faransa ta fara aiki da dokar haƙƙin kashe layin aiki bayan tashi a 2017, amma mafi yawan ma'aikata a duniya dole su gina wa kansu wannan katanga. Wanda ba zai iya kashe wayar gaba ɗaya ba, yana iya rufe ƙarar rukunin, ya duba sau ɗaya a lokacin da ya yanke, ya fi dacewa ya kasance cikin zaman rubutun nan. Sauran yammacin a cika shi da abin da ke buƙatar hannu da hankali tare, kamar girki, tattaki, ƙwallo ko taya yara aikin makaranta. Kwanciya ana latsa waya ba ta cire hankali daga ofis.

Duk waɗannan dabaru suna rage raɗaɗi ne, ba sa gyara wurin aikin, kuma kuskure ne a sayar wa wanda ake zalunta su a matsayin waraka. Amfaninsu na biyu shi ne sukan zama ma'auni. Idan bayan makonni huɗu zuwa shida littafin ya nuna cewa yawancin abin da ake rubutawa aiki ne da ya taru, to matsalar tsari ce, ana iya shawo kanta. Idan kuwa suna ɗaya ne ke maimaituwa kowane mako, ko zullumin ya fara tun daren Asabar, ko yana ɓacewa a lokacin hutun shekara ya dawo ranar da hutun zai ƙare, to matsalar tana ofis. A nan littafin sai ya sauya aiki, ya zama na ajiye hujja: kwanan wata, abin da aka faɗa, waɗanda suka shaida, da kwafin saƙonni, a ajiye su a gida ba a kwamfutar ofis ba. Da wannan ake tunkarar sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago, ko a nemi sauyin sashe. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da Yarjejeniya ta 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki a 2019, Nijeriya ta rattaba mata hannun amincewa a 2022, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Akwai kuma matakin da abin ya wuce takarda da biro. Idan rashin barci ya bazu zuwa sauran dararen mako, ko ƙuncin rai da rashin jin daɗin komai ya kai mako biyu kusan kullum, ko mutum ya fara dogara da ƙwayar barci, maganin tari ko barasa don ya wuce daren, to lokacin ganin likita ya yi. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi ba a yanke musu hukunci a gida cewa fargaba ce kawai, sai an auna hawan jini an duba zuciya. Tunanin cewa gara mutuwa da wayewar garin Litinin kuwa lamari ne na gaggawa: a faɗa wa wani na kusa a daren, a kuma je asibiti mafi kusa ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ba tare da jiran safiya ba.