Hasashen da gona za ta iya ƙaryatawa

Manomi a Bichi ya ce shuka wake tsakanin layukan gero na rage wutawuta. Wannan magana tana gwaduwa. Raba gona biyu, iri ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya, ka sa wake a rabi kawai. Idan wutawuta ta fito, ƙirga ta a kowane ɓangare. In rabin mai wake bai fi ƙarancinta ba, maganar ta sha ƙasa, kodayake damina ɗaya ba ta yanke hukunci.

Mai tallar magani kuwa yakan ce in gona ta yi kyau aikin maganinsa ne, in ta lalace ba a yayyafa daidai ba. Kowane sakamako nasa ne. Masanin falsafa Karl Popper ya nuna a 1934 cewa da'awar da babu abin da zai ƙaryata ta ba kimiyya ba ce. Kafin ka biya, tambayi mai tallar: me zan gani in san maganin bai yi aiki ba?